Shan Rake Ba Ya Maganin Shawara

An daɗe ana cewa shan rake na warkar da shawara, to idan kawu ya maimaita wannan a gaban dangi, kada a ƙaryata shi cikin jama'a. A keɓe shi a ce: "Kawu, ashe shawara alama ce, ba cuta guda ba." Ido kan yi rawaya idan hanta ta kumbura, ko hanyar matsarmama ta toshe, ko jini na farfashewa kamar a sikila. Wasu nau'o'in ciwon hanta kan warke da kansu, sai a yaba wa rake. Gwajin jini ne ke bambance su. Jariri mai shawara kuwa, jinkirin kai shi asibiti na iya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.