Ma'anar Murabaha da Abin da Ya Raba Ta da Rancen Kuɗin Ruwa

Tun da bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a shekarar 2012 da rassa uku, ɗaya a Abuja, ɗaya a Kano, ɗaya kuma a nan Kaduna, kalmar murabaha ta shiga bakin 'yan kasuwa, amma har yau ana jin masu cewa ai kuɗin ruwa ne aka sa wa rawani. Wani ɓangare na ruɗanin daga harshe ya samo asali. Abin da Bahaushe yake kira riba shi ne amfanin da ɗan kasuwa yake samu a kan hajarsa, wanda Larabawa suke kira ribhu, kuma daga wannan tushe aka ciro murabaha. Abin da Alƙur'ani ya kira riba ya haramta a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, bayan ya halatta ciniki, shi ne muke kira kuɗin ruwa. Saboda haka a wannan bayani duk inda aka ce riba, ribar ciniki ake nufi.

A littattafan fiƙihu, murabaha ciniki ne da mai sayarwa yake bayyana wa mai saye nawa ya sayo kayan da kuma nawa ya ɗora a kai, shi ya sa malamai suka sanya ta cikin cinikin amana. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa sun ɗauko ta ne suka haɗa ta da biya a hankali.

Mu ɗauki misalin wani tela a Kasuwar Barci da yake son injin aikin wuya na naira miliyan 2, ba shi kuma da kuɗin a hannu. Idan ya je bankin da yake ba da rance, za a zuba masa miliyan 2 a asusunsa, a ce ya mayar da ita tare da ruwa a cikin shekara guda. Shi zai je ya sayo injin, kuma daga ranar da kuɗin suka shiga asusunsa bashi ya hau kansa, ko injin ya iso ko bai iso ba. A murabaha kuwa kuɗi ba sa shiga hannunsa. Zai kawo takardar farashi daga mai sayar da injin, ya yi wa banki alkawarin cewa idan an sayo zai saya. Banki ya biya mai kaya miliyan 2, injin ya zama nasa, sannan a zauna a ƙulla ciniki na biyu, inda banki zai ce ya sayo a kan miliyan 2, ya ɗora ribar dubu 400, ya sayar wa tela a kan miliyan 2 da dubu 400, yana biyan dubu 200 duk wata har wata 12.

A nan ne mai shakka yake cewa to ai idan ruwan wancan rancen ma ya kama dubu 400, aljihun tela bai ga wani bambanci ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin murabaha ba ta yi wa kowa alkawarin araha ba, kuma sau da yawa bankunan suna duba yadda farashin bashi yake a ƙasa kafin su yanke ribarsu. Sai dai ba a yawan kuɗin bambancin yake ba, yana cikin abin da aka biya kuɗin dominsa, da kuma wanda asara za ta faɗa wa idan al'amari ya karkace.

A ce an ɗauko injin daga Legas, motar ta yi haɗari kafin ta iso Kaduna, injin ya lalace, alhali ba a riga an ƙulla ciniki na biyu ba. Asarar ta banki ce, tela ba ya bin kowa kuma ba a bin sa ko kwabo na kuɗin injin. Wannan ɗan lokacin da kaya suke ƙarƙashin lamunin banki, ko da kwana ɗaya ne, shi ne ya halatta masa cin riba, bisa ƙa'idar da ta zo a hadisi cewa amfani yana tare da ɗaukar lamuni, da kuma hanin da Annabi ya yi wa sahabinsa Hakim bn Hizam cewa kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Mai ba da rance ba ya shiga wannan hali ko kaɗan, domin kuɗi ya bayar, kuɗi yake jira da ƙari.

Bambanci na biyu yana fitowa ne ranar da biya ya gagara. A ce tela ya biya wata 9, sauran dubu 600, sai kasuwa ta yi sanyi bayan sallah ya yi wata 3 bai kai komai ba. A rancen ruwa lissafi ba ya tsayawa, ruwa yana ci gaba da hawa a kan abin da ya rage, wani lokaci ma har da ruwan jinkiri. A murabaha farashi ya riga ya daskare tun ranar ciniki, dubu 600 ɗin nan ita ce dubu 600, kuma banki ba shi da ikon cewa zai ƙara masa wa'adi ya ƙara kuɗi, domin wannan shi ne ainihin ruwan zamanin jahiliyya. Wannan ba ya nufin an bar mai taurin bashi ya ci bulus. Akan karɓi jingina ko mai tsayawa, kuma yawancin yarjejeniyoyi suna ɗora wa wanda ya yi jinkiri alhali yana da hali wani abu da zai biya, amma wannan kuɗin sadaka ake yi da shi, ba ya shiga ribar banki. Haka nan idan tela ya samu buɗi ya biya duka a wata na 6, ba a rubuta masa ragi a matsayin sharaɗi, sai dai banki ya ga dama ya sassauta masa, abin da yakan ba masu zuwa da tunanin rance mamaki.

Tunda ciniki ne, dole a samu kaya. Ba a yin murabaha don biyan albashin yaran shago ko wani tsohon bashi, ba a kuma yin ta a kan kayan da shari'a ta hana sayarwa.

Inda abin yake lalacewa, a ganina, shi ne wurin wakilci. Banki ba shi da masaniyar injin ɗinki, don haka yakan wakilta telan kansa ya je ya sayo da sunan banki. Malamai sun yarda da hakan idan buƙata ta kama, amma ƙofa ce da sakaci yake shigowa ta cikinta. Idan aka miƙo wa tela takardar alkawari da ta wakilci da ta ciniki ya sa hannu a zama ɗaya tun injin yana Legas, to banki ya sayar da abin da bai mallaka ba. Idan kuma tela ya riga ya sayi injin a kan bashi daga mai kaya, daga baya ya zo banki ya biya masa, babu cinikin da ya saura a yi, kuɗi ne aka ba shi da ƙari. Mai son tantancewa sai ya duba rasit ɗin mai kaya ya ga ko da sunan banki aka yanke shi, ya duba asusun da kuɗin suka shiga, sannan ya gwada kwanan watan rasit ɗin da na takardar ciniki, domin na rasit ne ya kamata ya riga zuwa.