Lissafin Kuɗin Suna: Ƙiyasi, Ainihin Farashi da Gudummawar Dangi

Tambaya: Matata ta kusa haihuwa, kuma ina son in rubuta abin da suna zai ci. Yaya zan tsara takardar?

Amsa: Ka ware shafi biyu, ɗaya na kashewa, ɗaya na gudummawa, ko a littafi ko a Excel. A shafin kashewa kowane mai kaya ya samu layinsa, a gabansa kuma a rubuta abubuwa uku: ƙiyasin da ka yi, ainihin farashin da aka tsaya a kai, da abin da ka riga ka biya. Da yake kwana bakwai ne kawai tsakanin haihuwa da suna, ya kamata ka cike gurbin ƙiyasi tun kafin a haihu, kuma kada ka sake taɓa shi ko da farashi ya sauya, domin da zarar an goge shi babu sauran abin kwatantawa.

Ga misali da adadin da na ɗauka don bayani kawai. An ƙiyasta rago a kan naira 150,000 amma aka saya 175,000. Mai abinci ta tashi daga 120,000 zuwa 138,000 saboda an ƙara kuloli da baƙi suka yi yawa, mai rumfa da kujeru kuma daga 40,000 zuwa 46,000 saboda kuɗin dako da kujerun da suka karye. Wanzami ya tsaya a 10,000, goro da dabino da alawa kuwa suka sauka daga 30,000 zuwa 26,000. Ƙiyasi ya kama 350,000, ainihin kuɗi 395,000, wato an haura da 45,000, kuma fiye da rabin wannan ƙari daga rago ya fito.

Tambaya: Me ya sa sai an raba farashi da abin da aka biya?

Amsa: Saboda kafin alƙalami. Idan ka bai wa mai abinci 70,000, mai rumfa kuma 20,000, sannan ka rubuta waɗannan a matsayin farashi, takardar za ta nuna maka an kashe 301,000, ka ɗauka ka yi rara, alhali ana bin ka cikon 94,000. A nan ne na fi ganin magidanta suna shiga kunya washegarin suna. Idan a Excel ƙiyasi yana gurbin B, farashi yana C, biya yana D, ga yadda ake fitar da bambanci da kuma ciko:

```
=C2-B2
=C2-D2
```

Tambaya: Gudummawar dangi fa, musamman wadda ba ta kuɗi ba?

Amsa: A rubuta sunan mutum, abin da ya yi alkawari, abin da ya shigo hannu, da ranar da ya shigo. Alkawari ba ya shiga jimilla sai ya zama kuɗi a hannu ko saƙon banki. A misalinmu mai jego bai sa hannu a kuɗinta na barka ba, domin nata ne. Angon ƙarni ya ajiye 120,000, kawu ya yi alkawarin 100,000 amma ya turo 60,000, kakan jariri kuma ya ɗauki nauyin rago.

Ragon nan dole ne ya bayyana a shafukan biyu da farashi ɗaya, wato 175,000 a gudummawa, 175,000 a kashewa a matsayin wanda aka biya. Idan aka sa shi a gudummawa kaɗai, za a ga kuɗin da babu su a aljihu. Idan aka bar shi gaba ɗaya, ranar da wata haihuwar ta zo za a ɗauka suna ya fi haka arha. Wannan shafi kuma shi ne zai tuna maka wanda ya yi maka kara idan nasa sha'anin ya taso, sai dai ina ganin bai dace a tura shi zauren dangi na waya ba, domin wanda ya ba da kaɗan zai ji nauyi.

Tambaya: Ta yaya zan gane lissafin ya daidaita?

Amsa: Ka cire abin da aka biya daga abin da ya shigo, sannan ka ƙirga kuɗin hannunka. Abin da ya shigo 355,000 ne, an biya 301,000, don haka 54,000 ya kamata ka tarar. Idan ka tarar da 49,000, akwai 5,000 da ta fita ba a rubuta ba, kuma galibi tana wajen mahaucin da ya feɗe rago, ko itace, ko ruwan leda da aka aiki yaro ya sayo. Daga nan ka gwada 54,000 da cikon 94,000, za ka ga giɓin 40,000, daidai da abin da ya rage a alkawarin kawu, sai ka yanke shawara tun da wuri ko za ka tuntuɓe shi cikin ladabi ko ka nemi mai rumfa ya ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata.