Gwada dabarar cinikin Bitcoin da riƙe shi kawai

Gwada dabarar ciniki da riƙe Bitcoin hanya ce da masu juya kuɗin kirifto suke bi don su gane ko yawan saye da sayarwar da suke yi yana ƙara musu wani abu. Ana ɗaukar abin da ɗan kasuwa ya samu a wani tsayayyen lokaci, a jera shi da abin da zai samu da a ce ranar farko ya sayi Bitcoin da dukkan jarinsa ya ajiye, bai sake taɓa shi ba sai ranar ƙarshe. Idan cinikin bai wuce ajiyar ba bayan an cire la'ada, to wahalar ba ta biya ba, ko da akwai riba a asusun. A tsakanin masu harkar ana kiran wannan riƙo HODL, kalmar da ta samo asali daga kuskuren rubutun wani mai Bitcoin a watan Disamban 2013.

Tunanin ba baƙo ba ne ga wanda ya san kasuwar hatsi. Mai sayen masara da kaka ya kulle a sito har bazara, da mai saye yau ya sayar gobe, duk suna iya cewa sun ci riba a ƙarshen shekara. Abin tambaya shi ne wanne jarinsa zai sayi buhuna mafi yawa a ranar lissafi.

## Dalilin da riba kaɗai ba ta isa shaida ba

Farashin Bitcoin yana motsi da ƙarfin da ba a saba gani a hannun jarin manyan kamfanoni ba. A shekarar 2020 ya tashi daga wajen dala 7,200 zuwa kusan dala 29,000, wato ya ninka sau huɗu. A irin wannan shekara kusan kowace dabara da ke sayen Bitcoin lokaci-lokaci za ta nuna riba, domin kasuwar ce ta ɗauki kowa. Wanda ya ninka jarinsa sau biyu a 2020 zai ji kamar gwani ne, alhali maƙwabcinsa da ya saya ya manta da lambar sirrinsa har ƙarshen shekara ya ninka shi samu.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a daina ƙirga sakamako da dala, a ƙirga shi da Bitcoin ɗin kansa. Ana raba jarin farko da farashin ranar farawa, a raba jarin ƙarshe da farashin ranar rufewa, sannan a kwatanta:

```
A = jarin farko ÷ farashin farko
B = jarin ƙarshe ÷ farashin ƙarshe
sakamako = (B ÷ A) − 1
```

Idan sakamakon ya haura sifili, cinikin ya wuce riƙo. Idan ya yi ƙasa da sifili, ɗan kasuwar ya yi asarar Bitcoin, komai yawan dalolin da ya ƙaru da su.

## Misali daga 2022 zuwa 2023

Farashin da za a yi amfani da shi a nan na gaske ne, an dai daidaita shi don sauƙin lissafi. Bitcoin ya shiga 2022 a wajen dala 46,000, ya fita a wajen dala 16,500, sannan ya rufe 2023 a wajen dala 42,000. Ɗan kasuwar kuwa da sakamakonsa ƙaddarawa ce kawai don a ga yadda lissafin yake tafiya.

A ce ya fara da dala 1,000 a farkon 2022. A shekarar farko ya yi asarar kashi 20 cikin 100, jarinsa ya koma dala 800. A shekara ta biyu ya ci ribar kashi 60 cikin 100, ya kai dala 1,280. Mai riƙo da ya fara da dala 1,000 shi ma, ya sayi Bitcoin 0.0217. A ƙarshen 2022 kuɗinsa ya zube zuwa dala 359, a ƙarshen 2023 ya farfaɗo zuwa dala 913.

Shekarar da ɗan kasuwar ya yi asara ita ce wadda ya fi yin abin kirki, domin ya rasa kashi 20 yayin da mai riƙo ya rasa kashi 64. Shekarar da ya ci ribar kashi 60 kuma, wadda ita ce zai ɗauki hotonta ya tura wa abokai, ita ce ya sha kaye. Dala 800 ɗinsa a farkon 2023 za ta sayi Bitcoin 0.0485, amma dala 1,280 a ƙarshen shekarar ba za ta sayi fiye da 0.0305 ba. Ya rasa wajen kashi 37 cikin 100 na Bitcoin ɗin da yake iya mallaka. In an haɗa shekarun biyu kuwa, shi ne a gaba da tazara babba, 1,280 da 913.

Hukunci uku ke nan daga asusu ɗaya, kuma duk gaskiya ne. Wannan ya sa zaɓen ranar farawa da ranar rufewa shi ne wurin da aka fi yin ha'inci, wani lokaci ma ba da gangan ba. Mai tallata dabara zai fara lissafinsa daga Nuwamban 2021, lokacin da Bitcoin ya kai kusan dala 69,000, domin daga nan zuwa ƙarshen 2022 kusan komai ya fi riƙo. Mai kushe ciniki kuma zai fara daga Maris ɗin 2020, sa'ad da farashin ya faɗi ƙasa da dala 5,000. Gwajin da za a iya amincewa da shi sai ya ratsa aƙalla tashi ɗaya da faɗuwa ɗaya, kuma a maimaita shi da ranakun farawa daban-daban.

## Ma'auni na biyu: yawan jarin da ke cikin kasuwa

Har yanzu misalin bai nuna cewa ɗan kasuwar ya iya ba. Mai ciniki ba ya barin duk jarinsa a cikin Bitcoin kullum. Wani lokaci rabi ne a ciki, wani lokaci ya fice gaba ɗaya yana riƙe da dala. Wanda galibin kuɗinsa yake waje dole asararsa ta yi sauƙi a shekarar faɗuwa, kuma wannan bai buƙatar wani sanin kasuwa.

A ce an duba tarihin asusun aka tarar a matsakaici kashi 40 cikin 100 na jarinsa ne yake cikin Bitcoin. Adalci shi ne a gwada shi da wanda ya zuba kashi 40 a Bitcoin, ya bar kashi 60 a dala, ba ya taɓa komai sai sau ɗaya a shekara ya maido da rabon yadda yake. Wannan mutum zai fara da dala 400 a Bitcoin da dala 600 a ajiye. A ƙarshen 2022 dala 400 ɗin ta koma kamar 144, jimilla 744. Ya sake rabawa, wajen dala 298 a Bitcoin da 446 a ajiye, kuma a ƙarshen 2023 yana da kamar dala 1,203.

Ashe tazarar ba dala 367 ba ce, dala 77 ce kawai a shekara biyu. Wannan ne abin da za a iya danganta wa iya zaɓen lokacin shiga da fita, kuma tazara irin wannan sa'ar ciniki biyu ko uku tana iya kawo ta. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tona asirin dabaru.

## Abin da ke cin riba a ɓoye

Mai riƙo yana biyan la'ada sau biyu, ranar saye da ranar sayarwa. Mai ciniki yana biya duk sanda ya motsa. Kuɗin da manyan dandamali irin su Binance suke cirewa a cinikin nan-take yakan kai kashi 0.1 cikin 100 ga ƙaramin ɗan kasuwa, abin da ido ba ya ma kula da shi. Amma wanda ya shiga ya fita da duk jarinsa sau 200 a shekara ya biya sau 400, kuma wannan kaɗai yana cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na jarin. Ga kuma ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, da zamewar farashi lokacin da kasuwa ta ruɗe, inda mutum zai nemi sayarwa a wani farashi a cika masa a ƙasa da shi.

Kuɗin da aka ƙara ko aka cire a tsakiyar lokacin gwaji ma suna ɓata lissafi. Idan ɗan kasuwa ya ƙara dala 500 a watan Yuni, sai a ɗauka mai riƙo ma ya sayi Bitcoin na dala 500 a wannan ranar da farashinta. In ba haka ba, za a ƙirga sabon zubi a matsayin riba.

Ga mai lissafi da naira akwai wani tarkon. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,400. Wanda jarinsa ya ninka biyu da naira a wannan tsakani, a dala asara ya yi, balle a Bitcoin. Dole a auna ɓangarorin biyu da kuɗi iri ɗaya da canji iri ɗaya.

## Zurfin faɗuwa

Riƙo ba kyauta ba ne. Daga kusan dala 20,000 a Disamban 2017 Bitcoin ya sauko zuwa wajen dala 3,200 a Disamban 2018, faɗuwar sama da kashi 80 cikin 100, wadda sai farashi ya ninka sau shida kafin a dawo da uwar kuɗi. Daga Nuwamban 2021 zuwa Nuwamban 2022, watan da dandalin cinikin kirifto na FTX ya durƙushe, ya sake rasa fiye da kashi uku bisa huɗu na darajarsa. Don haka ana rubuta mafi zurfin faɗuwa daga ƙololuwa zuwa ƙasa ga kowane ɓangare a gefen ribarsa. Dabarar da ta samar da riba ƙasa kaɗan da riƙo amma faɗuwarta ba ta wuce kashi 25 ba tana da amfani ga wanda ba zai iya jure ganin jarinsa ya narke ba, muddin ta wuce sauƙaƙan rabon Bitcoin da dala da aka bayyana a sama.

## Gwaji a kan farashin baya

Galibin kwatancen da ake nunawa ba na kuɗin gaske ba ne, an ɗora dabarar ne a kan tsofaffin farashi a kwamfuta. Matsalarsa ita ce mai gwajin ya riga ya san abin da ya faru. Zai yi ta sauya lambobin dabarar, yau matsakaicin farashin kwana 50, gobe na kwana 47, har sai ya dace da wanda ya kauce wa faɗuwar 2018 da ta 2022. Alamar wannan ita ce idan an ɗan gusa lambar kaɗan sai ribar ta ɓace. Maganin da aka saba yi shi ne a raba tarihin gida biyu, a gina dabarar da kashi na farko, a kulle ta, sannan a gwada ta sau ɗaya tak a kashi na biyu. Akwai kuma kuskuren da ya fi wannan ɓuya, wato a bar dabarar ta yanke shawara da farashin rufewar rana sannan a ƙirga kamar ta saya tun da safiyar wannan ranar, alhali a lokacin ba wanda ya san inda farashin zai rufe.