Ana fitar da data ta DNS, ya ake kama abin a log?

Wai da gaske ana iya sace fayil ta DNS alhali fayawol ya toshe komai?

Da gaske ne wallahi, dalili kuwa kusan babu kamfanin da ke toshe DNS gaba ɗaya, in ka toshe shi babu kwamfutar da za ta gane sunan komai. To maharin sai ya yi rijistar domen nasa, ya ce sabarsa ce ke amsa duk tambayar da ta shafi domen ɗin, sai malwayar da ke cikin kwamfutarka ta yayyanka fayil ƙanana, ta juya kowane yanki zuwa base32, ta liƙa shi a gaban sunan, kamar `mfrggzdfmztwq2lk.t.example.com`. Risolbarka ba ta da amsar a kash, dole ta bi sawu har sabar maharin, kenan ita da kanta ta kai masa saƙon. Shi kuma umarninsa yana dawowa a cikin amsa, galibi TXT. Manhajojin iodine da dnscat2 kusan haka suke aiki.

To a log me zan duba, tunda tambayoyin sun fi miliyan a rana?

Tsawon suna yana taimakawa, amma ni na fi yarda da ƙirga sunaye daban-daban nawa ne a ƙarƙashin domen guda. Yi lissafin ka gani. Kowane gaɓa na suna ba ya wuce haruffa 63, sunan gaba ɗaya kuma 253, to a ce kowace tambaya ta ɗauki haruffa 160 na base32, bayit 100 kenan. Fayil mai megabayit 1 sai ya ci tambaya wajen 10,000, kuma babu biyu da suke iri ɗaya, don in aka maimaita suna kash ne zai amsa, saƙon ba zai isa ba. Domen na gaskiya akasin haka yake, sunaye kaɗan ne ana ta maimaita su. In kana da Zeek:

```
zeek-cut query < dns.log | sort -u | rev | cut -d. -f1,2 | rev | sort | uniq -c | sort -rn | head
```

Wannan zai jero maka domen da suka fi tara sunaye. Gaɓa biyu na ƙarshe kawai yake yankowa, don haka irin su `co.uk` za su taso sama ba laifin komai. Sannan CDN da antibayros da masu duba jerin sifam su ma suna aika sunaye masu kama da shirme, kar ka firgita, duba `id.orig_h` tukuna. Kwamfuta 400 suna tambayar domen ɗin antibayros, al'ada ce. Kwamfuta ɗaya tal tana tambayar domen da aka yi rijista makon jiya, TXT bayan TXT har ƙarfe uku na dare, wannan cire ta daga netwok kawai.

Inda abin ke da wuya shi ne mai haƙuri. Tambaya ɗaya duk sakan 5, wancan fayil ɗin zai fita cikin awa 14, in log ɗin awa guda kake dubawa 720 kawai za ka gani su nutse cikin hayaniya, shi ya sa ake ƙirga na kwana ɗaya ko ma mako. In kuma kwamfutocin suna yin DoH, wato DNS ta cikin HTTPS, kai tsaye ta fot 443, ba za su ma bayyana a `dns.log` ba sam, sai ka tilasta kowa ya bi ta risolbar cikin gida.

Shi kuma sa wa kash guba fa, duk abu ɗaya ne?

A'a, nan tsere ake yi. Risolba ta aika tambaya da lambar shaida mai bit 16, wato ɗaya cikin 65,536, maharin yana ta jefo amsoshin ƙarya ko zai dace da lambar kafin amsar gaskiya ta iso, in ya dace an adana IP ɗinsa har TTL ya ƙare. A 2008 Dan Kaminsky ya nuna ba sai maharin ya jira TTL ya ƙare kafin ya sake gwadawa ba, sai ya riƙa sa risolbar tambayar sunayen da babu su ƙarƙashin domen da yake hari, kowane suna sabon tsere. Maganin gaggawa da aka fitar shi ne canza fot ɗin fita barkatai, DNSSEC kuma yana tantance sa hannu, amma fa sai in domen ɗin yana da sa hannun.

Alamarsa a zirga-zirgar risolba: ɗaruruwan amsoshi ga tambaya guda da lambobin da ba su dace ba, ga ruwan NXDOMAIN a domen ɗin wani, can kuma sai NS ko IP ya sauya. Log ɗin tambayoyi zalla ba lallai ya nuna amsoshin da risolba ta zubar ba, sai kana kama fakit a gefenta na waje. In ka yi zargi, kwatanta `dig example.com @risolbarka` da `dig +trace example.com`, in sun saɓa kuma ba CDN ba ne, share kash ɗin, a BIND `rndc flush` ne.