Dami, tarkon dami da intarakshan a rigireshan na albashi

Dami wani bariyabul ne da ba ya ɗaukar komai sai 0 ko 1, ana amfani da shi ne a shigar da abin da ba a aunawa da lamba, kamar jinsi, cikin rigireshan, wato lissafin da ke auna yadda wani abu ke sauyawa tare da wasu abubuwan. A lissafin albashi, irin wanda masanin tattalin arziki Jacob Mincer ya shahara da shi tun 1974, sai a ce `mace` daidai yake da 1 in ma'aikaciyar mace ce, 0 in namiji ne:

```
log(albashi) = b0 + b1*ilimi + b2*mace + u
```

Anan `ilimi` shekarun makaranta ne, `b0` lambar da lissafin ke farawa daga kanta, `u` sauran abubuwan da ba a saka a lissafin ba, `b2` kuma shi ne tazarar albashin mace da na namijin da karatunsu ya zo ɗaya. Maza su ne ma'auni, tunda su aka bari a 0.

Tarkon yana zuwa ne lokacin da mutum ya ce ai bari in saka `namiji` ma don kar a bar kowa a baya. To matsalar ita ce a kowane layi na data `mace + namiji = 1`, kuma `b0` dama lambar 1 yake hawa a kowane layi, kenan ka faɗi abu ɗaya sau biyu kuma lissafin ba shi da amsa guda: ka ƙara 5 a kan `b0` ka rage 5 daga lambar gaban kowane dami, hasashen albashin ko gezau. Za ka gane ka faɗa in manhajar lissafi ta R ta nuna maka `NA`, manhajar Stata kuwa da kanta take jefar da ɗaya. Rukuni huɗu dami uku, shikenan, ko kuma a cire `b0` a bar duka huɗun.

Intarakshan shi ne a ninka dami da wani bariyabul, don a ga ko ribar karatu ta bambanta tsakanin rukunan. A ƙaddara an samu wannan, misali ne kawai:

```
log(albashi) = 1.0 + 0.08*ilimi - 0.30*mace + 0.01*(mace*ilimi)
```

Kowace shekarar makaranta tana ƙara wa namiji kusan kashi 8 cikin ɗari, mace kuma kusan kashi 9. Inda mutane ke tafka kuskure shi ne su ɗauki -0.30 ɗin nan su ce ita ce tazarar, alhali wannan tazarar waɗanda ba su taɓa shiga aji ba ce, wataƙila ma babu ko mutum ɗaya irinsu a datar. Ga masu shekara 12 a makaranta tazarar -0.30 ce a haɗa da 0.01 sau 12, wato -0.18, kuma da yake albashin a `log` yake sai an bi ta `exp(-0.18) - 1` kafin a ce albashin mace ya gaza na namiji da kusan kashi 16.5. Shi ya sa wasu ke fara cire matsakaicin `ilimi` daga na kowa kafin su ninka, sai lambar gaban `mace` ta koma tazara ga mai matsakaicin karatu.