Kaurin waya ba shi ke kashe gurnani ba

Har gobe a ƙauyukanmu na Jigawa in lasifikar masallaci ta fara gurnani sai a ce wayar ce siririya, a sayo mai kauri. Wallahi ba nan matsalar take ba, tana ga irin wayar da jak ɗinta. Jak ɗin TS mai zobe baƙi ɗaya, irin na jita, layi ɗaya ke ɗaukar sauti sai garkuwar ƙarfe da ta nannaɗe layin, in wayar ta wuce mita 6 ta fara kwasar hayaniyar janareta. XLR mai ƙafa uku kuwa layi biyu ne, ɗaya a juye, hayaniya ta shiga duka biyun daidai, mikisa, na'urar haɗa sauti, ta juyo layin da ke a juye sai hayaniyar ta kashe kanta, shi ya sa makirufo ke kai mita 50 lafiya lau. TRS mai zobe biyu ma haka, amma fa sai in na'urorin biyu an yi su don haka, na hedifon kuwa sautin dama da hagu kawai yake ɗauka.