Ma'anar "kuɗin sauka": nawa kaya ya tsaya maka a ƙofar shago?

A bakin 'yan kasuwar da ke shigo da kaya daga waje za ka riƙa jin "nawa ya sauka?" ko kuma "nawa ne landin ɗinsa?" Abin da suke nufi shi ne jimlar duk kuɗin da aka kashe a kan kaya tun daga ƙofar kamfanin da ya ƙera shi har ya shigo sito: kuɗin sayen kayan, kuɗin jirgi, inshora, harajin kwastam, kuɗin tasha, ladan ejan, mota, har da 'yan dako. Idan aka raba wannan jimlar da yawan kayan da suka iso lafiya, to an samu kuɗin sauka na kowane guda. Wannan ita ce uwar kuɗi ta gaskiya, kuma a kanta ake ɗora riba.

Na fara fahimtar nauyin kalmar ne a shagon kawuna a Birnin Kebbi, shekarar da ya fara yin odar fankoki masu caji daga Caina, don ya tari zafin Maris da Afrilu. Yana zaune da kalkuleta, ya buga dala 20 sau canjin ranar, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko dubu arba'in da biyar na sayar, ai na ci dubu goma sha biyar a kowace ɗaya." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri kaya su fito tasha tukuna." Zan bi irin lissafin nan da alƙaluman misali, waɗanda na daidaita don su yi sauƙin bi. Canjin dala da kuɗin jirgi ba sa zama wuri ɗaya, amma tsarin lissafin bai cika sauyawa ba.

Mu ce fankoki 500 ne, kowace dala 20, sun kusa cika ƙaramar kwantena mai ƙafa 20. Kuɗinsu dala 10,000 ke nan. Abu na farko da za a duba a takardar ciniki shi ne haruffa ukun da ke kusa da farashin. Idan an rubuta FOB, mai sayarwa ya ɗauki nauyin kai kayan har cikin jirgi a tashar ƙasarsu, daga nan kuma komai naka ne. Idan EXW aka rubuta, a ƙofar masana'anta ya sakar maka, motar da za ta kai tasha da takardun fitar da kaya daga can duk suna wuyanka. Mutum biyu za su iya cewa dala 20 suka saya, amma ɗaya ya fi ɗaya biya saboda waɗannan haruffan kawai. Namu FOB ne.

Sai kuɗin jirgin ruwa zuwa tashar Apapa da ke Legas, mu ce dala 2,450, da inshora kwatankwacin dala 50. Dokar Najeriya ta ce a kamfanin inshora na cikin gida za a yi wa kayan da ake shigowa da su, kuma banki zai nemi takardar kafin ya buɗe maka Form M, wato takardar da ake cikewa ta banki kafin a shigo da kaya. Idan aka haɗa ukun, kaya da jirgi da inshora, shi ake kira CIF, a nan dala 12,500. A canjin naira 1,500, kayan kaɗai naira miliyan 15 ne, CIF kuma naira 18,750,000.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kwastam ba a kan miliyan 15 take yanka haraji ba, a kan CIF take yankawa. Wato kuɗin jirgin da ka biya shi ma ana cire masa haraji. Duk ranar da kamfanonin jiragen ruwa suka ƙara kuɗi, duka biyu ka sha: ka biya ƙarin, sannan harajinka ya tashi a kansa.

Yawan harajin ya danganta da lambar da aka sa wa kayan, wadda ake kira HS code. Tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS yana da matakai biyar: sifiri, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35. Kayan da aka gama ƙerawa don amfanin gida galibi a kashi 20 suke faɗawa, don haka mu ɗauki wannan. Kashi 20 na 18,750,000 shi ne 3,750,000, wannan shi ake kira duty. Bayansa akwai ƙananan layuka da aka daɗe ana gani a takardar kimantawa: ƙarin kashi 7 na harajin kansa da ake kira surcharge, wato 262,500, kashi 1 na FOB da ake kira CISS, wato 150,000, da rabin kashi ɗaya na CIF na asusun ECOWAS da ake kira ETLS, wato 93,750. Waɗannan ƙananan layukan su ne gwamnati ta fi taɓawa. Dokar kwastam ta 2023 ta kawo cajin kashi 4 na FOB, wanda aka fara karɓa a 2025, aka dakatar, aka sake dawowa da maganarsa. A kayanmu wannan naira 600,000 ne, amma ba mu sa shi a lissafin da ke tafe ba. Shi ya sa ba a dogara da lissafin bara, sai dai a nemi ejan ya nuna takardar kimantawa ta wannan satin.

Sannan VAT, kashi 7.5, wanda shi ne na ƙarshe kuma yake hawa kan kowa:

```
VAT = 7.5% × (CIF + Duty + Surcharge + CISS + ETLS)
```

Jimlar da ke cikin baka ita ce 23,006,250, don haka VAT ya kama naira 1,725,469. Haraji ne a kan haraji. Kamfanin da ya yi rajistar VAT yana iya cire wannan daga abin da zai miƙa wa hukumar haraji bayan ya sayar, amma mai shago irin kawuna da bai shiga wannan tsarin ba, cikin uwar kuɗi zai zuba shi. Abin da ya tafi ta hannun kwastam gaba ɗaya ya zama naira 5,981,719, kusan kashi 40 na kuɗin fankokin, alhali a baki "kashi ashirin" ake cewa.

Wani abu game da canji. Kwastam tana da nata canjin da take lissafi da shi, wanda ke biyo na Babban Banki. Kai kuma da wani canjin ka sayi dalar da ka tura. A layin haraji, na kwastam za ka sa. A layin kuɗin kaya da na jirgi, ainihin nairar da ta fita daga aljihunka za ka rubuta. Idan a 1,550 ka sayi dala, wannan naira hamsin ɗin a kan dala 12,450 ta haura dubu ɗari shida, kuma babu takardar kwastam da za ta tuna maka da ita.

Biyan haraji bai sa kwantena ta fito ba. Kamfanin jirgi yana da nasa caji na gida kafin ya saki kaya, tasha tana da kuɗin saukewa da ɗagawa, ga ladan ejan mai kiliyarin. Mu ce duka 1,600,000. Takardu da cajin banki, har da shaidar ingancin kaya ta SONCAP da ake nema ga kayan lantarki, mu ce 300,000. Akwai kuma kuɗin ajiya da kamfanin jirgi ke riƙewa har a mayar da kwantenarsa. Wannan ba kashewa ba ne idan ya dawo, sai dai ba kullum yake dawowa cif ba, abin da aka zaftare shi ke shiga lissafi.

Mu 'yan nan kuwa muna da wani layi mai kauri da ɗan kasuwar Alaba ta Legas ba shi da shi: hanya. Daga Legas kaya zai bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yawuri, Jega, kafin ya shigo Birnin Kebbi. Idan da kwantenar aka taho, sai an biya komawarta fanko, kwanakin kamfanin jirgi kuma suna ƙirguwa, shi ya sa da yawa ke juye kayan cikin wata mota tun a Legas. Mota da 'yan dako a can da nan, mu ce 2,200,000.

Idan aka tara, 18,750,000 da 5,981,719 da 1,600,000 da 300,000 da 2,200,000, an samu naira 28,831,719. A raba da 500, kowace fanka ta sauka a kan kusan naira 57,700. Amma da aka buɗe kwalaye, goma sha biyar sun lalace, wasu fuskar ta fashe, wasu batirin bai riƙe caji. Waɗanda za a iya sayarwa 485 ne, su za su ɗauki nauyin sauran, sai kuɗin sauka ya koma kusan naira 59,450. Fankar da kalkuleta ta ce dubu talatin ce, ta kusa ninkawa. Da an sayar a dubu arba'in da biyar, kowace ɗaya da ta fita shago sai ta tafi da sama da dubu goma sha huɗu na uwar kuɗi, mai shago kuwa yana murna kasuwa ta buɗe.

Duk wannan idan kaya bai kwana a tasha ba ne. Kamfanin jirgi da tasha kowanne yana ba da 'yan kwanakin kyauta, daga nan dimarej, wato kuɗin jinkiri, da kuɗin zaman kaya a tasha su fara ƙirgawa kullum, kuma farashin kwana yana tashi mataki-mataki. Abin da ya fi jawo shi shi ne takardu: PAAR, wato rahoton kimanta kaya da kwastam ke fitarwa kafin isowarsu, bai fito ba har jirgi ya iso, ko abin da aka rubuta bai dace da abin da aka gani ranar duba kaya ba. Idan ejan ya kawo maka kuɗin kiliyarin da ya yi ƙasa sosai da wannan lissafin, tambaye shi wace lamba ya sa wa kayan da kuma nawa ya rubuta darajarsu. Sau da yawa arahar daga nan take fitowa, idan kwastam ta gano kuma sai ta turo takardar cikon kuɗi, kwantena na zaune kwanaki na tafiya. Ni dai na fi yarda da ejan da zai ba ni takardar kimantawa da rasit na banki in gani da idona.

Wurin da lissafin ya fi yaudara shi ne idan kaya iri biyu ne a kwantena ɗaya. A zuwa na biyu kawu ya haɗa fankoki da ƙananan fitilun sola. Fitilun sun ci kusan rabin kuɗin odar, amma wurin da suka tare bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Yaron shagonsa ya raba dukkan kuɗin jirgi da na mota bisa darajar kaya, sai fitilun suka ɗauki rabin dakon da ba su suka jawo shi ba. Suka fito da tsada har maƙwabta suka fi mu araha, fankokin kuma suka yi kamar suna da riba mai yawa. Kowane kuɗi ana raba shi ne da abin da ya haifar da shi. Jirgi da mota wuri suke sayarwa, don haka da girman kwali ake raba su, wato CBM. Inshora da cajin banki daraja suke bi. Haraji kuwa kowane kaya da lambarsa da kasonsa, ba a cakuɗa su. Da muka sake lissafin haka a bayan wani kwali, kawu ya rage kuɗin fitila, ya ƙara wa fanka dubu uku, ya ce wa yaron ya goge farashin da ya rubuta a allo tun da safe.